Me ya sa shafi na 5,000 ya fi na farko nauyi?

Duk wanda ya taɓa duba tarihin kuɗinsa a manhajar banki, ko jerin kaya a shafin sayayya, ya san ba a zubo masa komai lokaci guda. Ana nuna masa ashirin, ya danna, a kawo wasu ashirin. A bayan fage akwai rumbun bayanai mai ɗauke da jadawali, wanda layukansa kan kai miliyoyi, kuma manhajar ce ke roƙonsa ya yanko mata ɗan yanki. Harshen da ake wannan roƙo da shi sunansa SQL, kalmomi biyu kuma da aka fi yin yankan da su su ne LIMIT da OFFSET. Suna da sauƙin koyo, shi ya sa kowa ke fara wa da su. Tsadarsu ba ta bayyana sai jadawalin ya yi girma.

Mu ɗauki misali. A ce wani kamfanin tura kuɗi yana da jadawali mai suna `biya`, da layi miliyan 2, kowane layi da lambarsa daga 1 zuwa 2,000,000. Ma'aikaci yana son ganin sababbi tukuna, ashirin a kowane shafi. Ga abin da manhaja za ta aika don shafi na 5,000:

```sql
SELECT * FROM biya
ORDER BY lamba DESC
LIMIT 20 OFFSET 99980;
```

LIMIT 20 na nufin a ba ni ashirin kawai. OFFSET 99980 na nufin a tsallake 99,980 na farko, wato shafuka 4,999 sau ashirin. Haka ake rubutawa a PostgreSQL da MySQL da SQLite. SQL Server da Oracle suna da tasu siga, mai OFFSET da FETCH, amma aikin ɗaya ne.

Kalmar tsallakewa ita ke yaudarar mutane. Rumbun ba tsalle yake yi ba, ƙirga yake yi. Zai fara daga layi na farko, ya ɗauko, ya ƙirga, ya yar, ya ɗauko na biyu, haka har sau 99,980, sannan ya miƙo ashirin ɗin da aka nema. Ya taɓa layi 100,000 ke nan domin a ga 20. A shafi na farko kuwa ashirin kawai ya taɓa. Kamar a ce wa yaron shago ya kawo buhu na ɗari daga tari, alhali ba shi da hanyar saninsa sai ya ɗaga casa'in da tara ya ajiye gefe.

Mai karatu zai ce, ai akwai fihirisa. Gaskiya ne, rumbun yana riƙe da fihirisar lambobi a jere, kuma da ita yana gano layi mai lamba kaza cikin 'yan matakai kaɗan ko da layukan miliyan nawa ne. To amma fihirisa ta san inda lamba kaza take, ba ta san wane ne na 99,981 a jeri ba. Ana ƙara layuka, ana goge wasu, lambobi suna da giɓi, kuma ba ta ajiye ƙidayar matsayi. Abin da take hanawa shi ne jera jadawalin daga tushe. In babu ita a kan abin da ake jerawa da shi, rumbun zai karance layi miliyan 2 gaba ɗaya, ya tantance jerinsu, kafin ma ya fara ƙirga.

Inda abin ya fi ciwo shi ne lokacin da aka rubuta shiri don kwashe jadawalin duka, dubu-dubu, a ce don haɗa rahoton shekara. Zagaye 2,000 ake bukata. Na farko ya karanta 1,000, na biyu 2,000, na uku 3,000, har na ƙarshe ya karanta miliyan 2. In aka tara, an karanta layi biliyan 2 da ɗoriya don kwashe miliyan 2, wato ninki dubu. Alamar wannan ciwo a bayyane take: aikin yana farawa da gudu, sai kowane zagaye ya fi na baya jinkiri. A PostgreSQL, idan aka sa EXPLAIN ANALYZE a gaban umarnin shafi na 5,000, za a ga `rows=20` a matakin sama, a ƙarƙashinsa kuma `rows=100000`. Tazarar nan ita ce asarar.

Akwai illa ta biyu, wadda ni ta fi damuna, domin jinkiri ana ganinsa, ita kuwa ba a gani. Ma'aikaci yana kallon shafi na farko, sai mutum uku suka biya kuɗi. Sababbin layuka uku sun hau sama, sun tura kowa ƙasa. Da ya danna shafi na biyu, rumbun zai tsallake ashirin na yanzu, sai ya sake nuna masa uku da ya riga ya gani. In gogewa aka yi, wasu layuka za su sulale ba tare da kowa ya gan su ba. Ga mai duban kaya wannan ba komai ba ne. Ga shirin da ke tara kuɗi, lissafi ya ɓaci, kuma babu wani gargaɗi da zai fito a allo.

Maganin irin dabarar mai karatu ce, wanda ke sa tsinke inda ya tsaya a littafi, gobe ya buɗe daga nan ba sai ya ƙirgo warƙoƙi ba. Manhaja ta riƙe lambar layin ƙarshe da ta nuna. In lambobin misalinmu ba su da giɓi, shafi na 4,999 ya ƙare a 1,900,021, sai a ce:

```sql
SELECT * FROM biya
WHERE lamba < 1900021
ORDER BY lamba DESC
LIMIT 20;
```

Yanzu tambayar ta zama irin wadda fihirisa ta iya amsawa. Za ta dira kan lambar kai tsaye, ta karanta ashirin, ta tsaya. Shafi na 5,000 da na farko nauyinsu kusan ɗaya. Sababbin layuka kuma sun hau can sama, ba su motsa tsinken ba.

Sai dai tsinken dole ya nuna layi guda tak. Idan da kwanan wata ake jerawa, mutum dubu na iya biya a rana ɗaya, kuma cewa a ci gaba daga ranar da ta gabata zai zubar da ragowar na wannan ranar. Sai a haɗa rana da lamba, a jera da su biyun, a gina fihirisa a kansu tare, sharaɗin ya koma `(rana, lamba) < ('2024-03-05', 1900021)`. Wannan ƙa'ida ta shafi OFFSET ma: in babu ORDER BY, ko in jerin yana da kunnen doki, rumbun bai yi alkawarin dawo da layuka a tsari ɗaya kowane lokaci ba.

Dabarar tana da nata farashi. Ba a iya dirawa shafi na 300 kai tsaye, tunda ba a san lambar da na 299 ya ƙare a kanta ba, sai dai gaba da baya. Saboda haka ban ga laifin OFFSET a jerin ma'aikata ɗari biyar ba, ko a sakamakon bincike da mutane ba sa wuce shafi na uku. Can layukan da ake yarwa kaɗan ne, lambobin shafi kuma suna da amfani. Amma jadawalin da ke ƙaruwa kullum, ko shirin da zai bi shi daga farko har ƙarshe, tun ranar da aka fara rubuta shi ya kamata a ɗora shi a kan lambar layin ƙarshe. Wanda ke neman biyan watan Maris kuma a ba shi wurin zaɓar wata, don kada ya yi ta danna shafuka har ya isa.