Kuɗi sun fita, amma ba su isa ba

A ce kana da naira 20,000, ka zura kati a na'urar mai shago don biyan 5,000, sai takarda ta fito babu nasara, amma wayarka ta nuna saura 15,000.

Ba wai an sace ba ne. Bankinka ya ɗaure 5,000 ɗin ne yana jiran ɓangaren mai shago ya tabbatar da cinikin. Idan tabbacin ya iso, kuɗin su wuce. Idan sadarwa ta katse, riƙon ya warware su dawo, wani lokaci a ranar, wani lokaci sai bayan 'yan kwanakin aiki, ban da Asabar da Lahadi.

Adana takardar nan. Idan mako ya wuce shiru, kai ta bankinka, ba wurin mai shago ba.