Giwar da ta ɓuya a bakin kogi

«Mun tsallake kogi wajen Yawuri.» Babu dabba ko ɗaya a wannan magana, amma akwai giwa a ciki. A ɗauki «gi» na ƙarshen kogi, a haɗa da «wa» na farkon wajen, sai ga ta tsaye.

Masu wasan cike gurbin kalmomi a jaridun Birtaniya sun daɗe da wannan dabara. Jaridar The Times ta fara buga irin wasan a 1930, kuma har yau akan cusa amsa a tsakanin kalmomi biyu na tambayar.

Hausa ta dace da wasan, domin yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa, da baƙi suke farawa. Mai nema sai ya manta da ma'ana, ya share tazarar da ke tsakanin kalmomi, ya bi gaɓa-gaɓa. «Kaza kika saya?» ta fi daɗi: ido na kan kazar, zaki kuwa yana laɓe a bayanta. «Gara goro» ma na ɗauke da rago.

Sharaɗin shi ne ba a tsallake harafi, ba a sauya jeri. Nan ne ɗafa-ƙeya ke ɓata lissafi: «kogin wa» ba ya ba da giwa, «n» ta raba su. Haruffa masu lanƙwasa ma tarko ne. «Haƙa rami» ƙara ce a ciki, wanda ya ce karan dawa ya gani ya faɗi.