Tsibirai a Cikin Ɗan Yankan Nama: Fankiriyas a Ƙarƙashin Madubin Likita

A shekarar 1869 wani ɗalibin likitanci a Berlin mai suna Paul Langerhans, wanda ke koyo a cibiyar Rudolf Virchow, ya rubuta cewa ya ga wasu ƙananan dunƙule masu kodaɗɗen launi a warwatse cikin naman fankiriyas. Bai san aikinsu ba, kuma bai ƙirƙira musu wani aiki ba. Sai a 1893 Bafaranshen nan Édouard Laguesse ya raɗa musu suna tsibiran Langerhans, ya kuma yi hasashen cewa wani abu suke zubawa cikin jini. Har yau ɗalibin da ya fara leƙa wannan gaɓa a madubin likita yana tsayawa ne daidai inda Langerhans ya tsaya: yana ganin tsibirin sarai, amma idonsa kaɗai ba zai gaya masa su wane ne mazauna cikinsa ba.

Mu fara raba gardama ɗaya. Fankiriyas ba saifa ba ce, ko da yake mutane kan haɗa su. Wata gaɓa ce mai laushi da ke kwance a gicciye a bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15, kanta na cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, wutsiyarta kuma ta miƙe har ta kusa taɓa saifa. Aiki biyu take yi: tana haɗa ruwan narkar da abinci ta tura shi hanji, tana kuma sakin sinadaran da ke daidaita sukari a jini.

Kafin a kai ga kallo, sai an yi gaggawa. Fankiriyas cike take da sinadaran narkar da nama, don haka da zarar jini ya daina zuwa mata sai ta fara narkar da kanta. Idan aka yi jinkirin jefa ta cikin ruwan fomalin, abin da za a gani a gilashi damammen abu ne, ƙwayoyin halitta sun rasa iyakokinsu, cibiyoyinsu sun dushe, kuma wanda bai saba ba zai ɗauka cuta ce alhali sakaci ne. In ta kamu da kyau, sai a dasa ta cikin kakin farafin, a fere ta da kaurin maikiron 4 ko 5. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Daga nan sai rini, domin naman da aka fere haka kusan ba shi da launi. Rini biyu ake amfani da su kullum. Hematoksilin yana kama cibiyar ƙwayar halitta da duk inda ake ƙera furotin ya mai da su shuɗi mai duhu. Iyosin kuwa yana kama furotin ɗin da aka riga aka tara ya mai da shi ruwan hoda.

To, a ce gilashin da ke gabanmu daga wutsiyar gaɓar aka yanko shi. Kada a yi saurin juya madubin zuwa mafi ƙarfinsa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓatar da masu koyo. A ƙaramin ƙarfi, wanda ke ninka abu sau 40, fili ne mai duhun shunayya, wanda siraran jijiyoyin nama suka yanka unguwa-unguwa. Wannan duhun duka asinai ne, kuma su suka cinye mafi yawan gaɓar. Nan da can sai ka ga tabo mai haske, kewayayye, kamar inda rini bai kama zane sosai ba. Tsibiran ke nan. Sannan a cikin jijiyoyin da suka raba unguwannin akwai ramuka masu zobe a bakinsu, wato magudanai da hanyoyin jini.

Yanzu a ƙara ƙarfi zuwa ninki 400, a tsaya kan asinas guda. Kalmar daga Latin take, tana nufin ɗan inabi, amma a yanke ya fi kama da lemo da aka raba a tsakiya: ƙwayoyi masu faɗin gindi da tsinin kai, sun kewaye wani ɗan rami da kyar ake ganinsa. Alamarsa da ba ta ruɗi ita ce launi biyu a ƙwaya ɗaya. Gindin shuɗi ne, nan cibiyar take, nan kuma ake ƙera sinadaran narkar da sitaci da mai da nama. Kan kuwa ja-ja ne mai tsaba-tsaba, domin nan ake tara su a ƙulle cikin ƙananan jakunkuna har abinci ya iso hanji. Waɗanda ke narkar da nama ma ba a farke ake tara su ba, sai sun isa hanji ake tayar da su; in suka farka tun a gida, ciwon kumburin fankiriyas ke nan.

A tsakiyar wasu asinan za ka ga cibiya ɗaya ko biyu masu haske, kamar baƙi a ɗakin da ba nasu ba. Waɗannan su ne farkon magudana, wadda ta kutsa kai har cikin asinas. Samun su a nan alama ce ta fankiriyas. Daga su sai siririn bututu mai shimfiɗaɗɗun ƙwayoyi, ya zube cikin wanda ya fi shi, mai ƙwayoyi kamar ƙananan tubala a jere ɗaya, shi ma ya zube cikin babba mai dogayen ƙwayoyi da kaurin riga ta jijiya, har a kai ga uwar magudana da Johann Wirsung ya bayyana a Padua a 1642. Magudanan ba hanyar wucewa kawai ba ce. Su ke ƙara ruwa da sinadarin baikabonet, dangin kanwa, wanda ke kashe kaifin ruwan tsamin da ke gangarowa daga tumbi. Ana gane magudana da abu uku: rami na gaskiya a tsakiya, ƙwayoyi a jere kamar zobe, kuma babu jan tsaba a kansu. Hanyar jini ma tana da rami, amma ƙwayoyin bakinta sirara ne kamar ɓawon albasa, kuma sau da yawa jajayen ƙwayoyin jini na kwance a ciki.

Tsibiri ba shi da rami ko kaɗan, kuma ba shi da magudana. Wannan ne asirinsa: abin da yake haɗawa jini yake zuba wa kai tsaye, shi ya sa ƙwayoyinsa ke jere kamar igiyoyi, da ƙananan hanyoyin jini suna ratsa tsakaninsu. Faɗin matsakaicinsa maikiron 100 zuwa 200 ne. Mutum yana da kimanin miliyan ɗaya, sun fi yawa a wutsiya, amma duk taronsu bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na gaɓar ba. Abin da ke yaudara a nan shi ne magudanar da wuƙa ta shafto ta gefe ba ta ratsa raminta ba. Sai ta fito kamar dunƙule mai haske. A duba kewayenta. In akwai riga mai kauri, kuma babu hanyoyin jini a cikin dunƙulen, magudana ce. Wani tarkon da malamai ke ɗana wa ɗalibai shi ne gilashin babbar gaɓar yawu da ke gaban kunne, wadda asinanta suka yi kama da na fankiriyas matuƙa. Ita ba ta da tsibiri ko ɗaya, kuma tana da wasu magudanai masu zane-zane a gindin ƙwayoyinsu, waɗanda fankiriyas ba ta da su.

Iyakar rinin yau da kullum ke nan. Da hematoksilin da iyosin, ƙwayoyin tsibiri duk kamarsu ɗaya, kuma duk wanda ya nuna maka ɗaya ya ce wannan ce mai insulin, canka yake yi. A 1907 M. A. Lane a Chicago ya lura cewa tsabar wasu ƙwayoyin tana tsira in an kama naman da ruwa mai barasa, ta wasu kuma ta narke, sai ya raba su gida biyu. Daga nan sunayen alfa da bita suka samo asali. A 1931 William Bloom ya ƙara na uku, wato delta. Yau hanyar ta fi tabbas. Ana fere yanka da dama a jere daga wuri ɗaya, a ɗiga wa kowanne wani furotin na garkuwar jiki wanda abu guda tak yake kamawa, sannan a sa sinadarin da ke mai da wurin da ya kama ruwan ƙasa.

A yankan farko a nemi insulin. A tsibirin lafiyayyen mutum, fiye da rabin ƙwayoyin za su yi ruwan ƙasa, galibi kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Su ne bita, masu saukar da sukari bayan an ci abinci. A na biyu a nemi gulukagon: kimanin ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka za su amsa. Su ne alfa, masu umartar hanta ta saki sukarin da ta adana, aikin da mai azumi ke dogara da shi da la'asar sakaliya. A na uku a nemi somatositatin, sai ƙwayoyi 'yan kaɗan su fito, ƙasa da ɗaya cikin goma, wasu da 'yan hannuwa da suka miƙa zuwa maƙwabta. Su ne delta, masu taka wa alfa da bita birki. Sauran biyun sai an yi sa'a a gilashinmu na wutsiya. Ƙwayoyin da ake rubuta wa PP a takardar sakamako, waɗanda sinadarinsu ke rage fitar ruwan narkar da abinci, sun taru ne a ƙasan kan gaɓar, inda a wasu tsibiran su ne ma mafi rinjaye. Ifsilon, masu girelin mai tayar da yunwa, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba a jikin baligi.

Zanen da ke cikin littattafai da yawa, na bita a tsakiya alfa da delta a gefe kamar katanga, tsarin tsibirin ɓera ne. A mutum sun fi cuɗanya, don haka matsayin ƙwaya a tsibiri ba hujja ba ce.

Amfanin wannan wahala yana fitowa ne a gilashin mai ciwon sukari. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara, garkuwar jiki ce ke kashe bita kaɗai. Da rinin yau da kullum tsibirin na nan, ya ɗan tsuke kawai, kuma ido zai iya wuce shi. Sai an nemi insulin a ga mafi yawan tsibiran fayau, a nemi gulukagon kuma su cika da ruwan ƙasa. A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa ga manya, bita na nan ko da sun ragu, amma sau da yawa wani abu mai sulɓi, ruwan hoda, marar cibiya, ya kwanta tsakaninsu. Amiloyid ne, kuma rinin jan Kwango ke tabbatar da shi.

Akwai kuma akasin haka. Idan kumburi ya daɗe ko magudana ta toshe, asinai ne ke shanyewa, tabo ya maye gurbinsu, tsibirai kuma su jure na wani lokaci, har su matso kusa da juna kamar sun ƙaru. Wannan juriya ce Frederick Banting ya dogara da ita a Toronto a 1921, lokacin da shi da Charles Best suka riƙa ɗaure magudanar fankiriyas ɗin karnuka, suna jira makonni asinai su lalace, domin su tatso abin da ke cikin tsibiran ba tare da ruwan narkar da abinci ya cinye shi ba.