Lambar da Manhaja ta Karanta Ba Daidai Ba

Mai shago ya ɗauki hoton takardar bayanin asusunsa na banki, manhajar karanta rubutu ta zubo masa layuka: kwanan wata, bayani, kuɗin da ya fita, wanda ya shigo, sai ragowa. Komai ya fito tsaf, amma manhajar kan rikita 3 da 8, musamman inda takarda ta lanƙwashe ko inuwa ta faɗa.

Maganin yana cikin takardar kanta. Ragowar layin baya, a haɗa da abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, dole ta ba da ragowar layin da ake kai. A ce akwai ₦150,000, manhaja ta ce an cire ₦83,500, ragowa kuma ₦116,500. Lissafi ya ba da ₦66,500, giɓin ₦50,000 ke nan. Idan layi na gaba ya daidaita da ₦116,500, ragowar ba ta da laifi. Ashe ₦33,500 aka cire.

Giɓi ƙarami kuwa, kamar ₦50, galibi layi guda ne na cajin banki ya ɓace a gindin hoton.