Yashi Ne Ke Fara Fasa Gilashin Waya

Gilashin da ke fuskar yawancin wayoyin zamani ba irin na taga ba ne. Kamfanin Corning na Amurka, mai yin Gorilla Glass, yakan tsoma shi cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan digiri 400. A nan ƙananan ƙwayoyin sodiyam da ke saman gilashin suke fita, manyan ƙwayoyin fotasiyam su maye gurbinsu, sai fatar gilashin ta matse tamau. Wannan matsin shi ke hana ƙaramar tsaga buɗe baki.

Sai dai fatar siririya ce, kuma babban maƙiyinta yashi. A ma'aunin tauri na Mohs, gilashin waya yana wajen 6, ƙwayar yashi kuwa tana 7. Makulli da kwabbai ba su kai gilashin tauri ba, shi ya sa da wuya su yi masa illa, amma ƙurar hunturu da ta taru a aljihu tana karce shi. Abin takaici, da yawanmu da bakin riga muke goge wannan ƙura, mu ƙara dirza ta. Duk karcen da ya yi zurfi ya raunana wurin, kuma ran da wayar ta faɗi, sau da yawa daga nan tsagar take tashi.

Idan ta faɗi ta kusurwa a kan siminti, firam ne ke fara karɓar dukan. Na roba yakan ɗan lanƙwasa ya dawo. Na alminiyam yakan lotsa, ya shanye wani ɓangare na bugun. Bakin ƙarfe da taitaniyam ba sa saurin lotsawa, amma taurinsu bai hana gilashin fashewa ba.

A ce mai firam ɗin alminiyam ce ta faɗi, gilashi ya tsage daga kusurwa. Kafin ka nufi Farm Centre a Kano ko wani shagon gyara, kunna ta ka duba. In hoto na fita tas, kuma yatsa na aiki a ko'ina, gilashin sama kaɗai ya mutu. Mai gyaran da ke da injin raba shi da sikirin zai iya canja shi da sauƙin kuɗi, ko da yake aikin na son gwani, musamman a waya mai lanƙwasasshen gefe. In ka ga baƙin tabo kamar tawada ta zube, ko koren layi, to sikirin ɗin kansa ya tafi, kuma irin OLED ya fi LCD tsada nesa ba kusa ba.

Ka kuma sa mai gyara ya duba kusurwar da ta lotsa. In bai miƙar da ita ba, sabon sikirin ba zai zauna daidai ba: ko gefensa ya ɗago, ko ya sake tsagewa ka biya kuɗi sau biyu.