Idan banki ya dawo da cek ɗin abokin ciniki

A ce ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ya ba wani tsohon abokin cinikinsa dilolin atamfa na naira 1,850,000, shi kuwa ya rubuta masa cek. Aka kai banki, bayan kwana biyu cek ya dawo ba a biya ba. Yawanci waya ake ɗauka a yi ta faɗa. To amma maganar waya iska ce. Wasiƙa ita ke zama shaida, kuma idan an rubuta ta da hankali takan dawo da kuɗin ba tare da an rasa mutumin ba.

Kafin a rubuta komai, a fara duba dalilin da banki ya bayar, domin ba kowane cek da ya dawo ne na marar kuɗi ba. Wani sa hannun ne bai yi daidai da wanda ke ajiye a banki ba. Wani adadin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa da na lambobi. Wani kuma ya wuce wata shida da rubutawa, ya tsufa, ko an kai shi kafin ranar da ke jikinsa. Duk waɗannan kuskuren alƙalami ne, sabon cek ya wadatar. Amma idan aka ga haruffan DAR, wato banki na cewa a koma wa wanda ya rubuta, galibi hanya ce ta sakaya cewa kuɗin asusun bai kai ba. A nan kada a nemi wani cek. A nemi tiransifa ko daraf na banki, wanda sai an cire kuɗin kafin a bayar da shi.

Ga yadda wasiƙar za ta iya kasancewa:

"Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna sanar da kai cewa cek mai lamba 000412, na naira 1,850,000, mai kwanan wata 3 ga Maris, wanda ka ba mu kuɗin atamfar da muka aika maka, mun kai shi banki ranar 5 ga wata, an dawo mana da shi ranar 7 da alamar DAR. Ga hotonsa nan haɗe da wasiƙar. Mun san dai ba halinka ba ne, wataƙila wani kuɗi ne bai shigo a kan lokaci ba. Muna roƙon ka tura cikakken adadin ta asusun kamfaninmu da ke ƙasa, ko ka aiko da daraf, kafin ranar 21 ga Maris. Da zarar kuɗi ya shiga za mu mayar maka da cek ɗinka. Idan akwai wata matsala, ka kira mu kafin ranar mu zauna."

A lura ba a ce masa ya yi zamba ba, ba a ma ce asusunsa babu kuɗi ba. An faɗi abin da banki ya rubuta ne kawai, aka bar masa ƙofar fita da mutuncinsa. An kuma sa rana takamaimai. "Nan ba da jimawa ba" ba wa'adi ba ne, a kasuwa yana iya kaiwa har bayan sallah.

Hoto ake aikawa. Ainihin cek ɗin da takardar da banki ya bayar su zauna a aljihun tebur har sai an ga kuɗi a asusu, ba a hoton rasit da aka turo ta waya ba. Wasiƙar kuma a kai ta hannu a sa wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafi, ko a aika ta kamfanin kai saƙo da ke ba da shaidar isarwa.

Dalilin wannan tsantseni shi ne doka. A Nijeriya akwai dokar 1977 kan cek ɗin da banki ya ƙi biya saboda rashin kuɗi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara ga wanda aka samu da laifi. Sai dai tana aiki ne idan an kai cek ɗin banki cikin wata uku daga kwanan watan da ke jikinsa. Saboda haka wanda ya riƙe cek wata huɗu don ana ta ba shi haƙuri, banki zai karɓa, bashinsa ma yana nan, amma wannan kariyar ta kuɓuce masa. Dokar ta kuma ba wanda ake tuhuma damar nuna cewa lokacin da ya rubuta yana da dalili mai ƙarfi na zaton za a biya.

A ganina ambaton dokar ba shi da gurbi a wasiƙar farko. Idan ranar 21 ta wuce shiru, sai a rubuta ta biyu, gajera, a ambaci ta farko da kwanan watanta, a ba da mako guda, a faɗi cewa bayan haka magana za ta koma hannun lauya. Sabon kaya kuwa, kada ko ƙyalle ya fita sai da kuɗi hannu.