Yadda Za A Hana Akawu Shigar Da Kwanan Wata Ko Adadin Da Ba Zai Yiwu Ba

Duk mai sito da ya mayar da lissafin kayansa kan kwamfuta ya san wannan matsalar. Ƙarshen wata ya zo, ana son sanin buhunan shinkafar da suka rage, sai jimilla ta ƙi daidaita da abin da ke ƙasa. Da aka bi layi-layi sai a tarar wani ya rubuta 31 ga Fabrairu, wani kuma ya rubuta -5 a wurin adadi. Sau da yawa ba ha'inci ba ne, gaggawa ce da cunkoson masu saye. A ganina laifin ya fi komawa kan wanda ya tsara takardar, domin manhajar Excel tana da hanyar ƙin karɓar irin wannan rubutu tun a lokacin da ake buga shi.

Mu ɗauki takardar wani kantin sari mai jeri huɗu: A na kwanan wata, B na sunan kaya, C na nau'in motsi, D na adadi. Ana zaɓar guraben da ake son a kafa wa doka, a shiga Data, a danna Data Validation. A ƙarƙashin Allow ake faɗin irin abin da gurbin zai karɓa.

Jerin zaɓi, wato List, ya dace da B da C. A rubuta sunayen kaya sau ɗaya a wani shafi dabam, a nuna wa B wurin, yadda akawu zai zaɓa kawai. Da haka "Shinkafa", "Shinkapa" da "shinkafa 50kg" ba za su zama kaya uku ba. A C kuwa kalmomi biyu sun isa, a rubuta su a Source kamar haka: Shiga,Fita. Wannan ƙaramin jeri shi ne maganin rabin matsalar adadi mai alamar ragi. Akawu yakan rubuta -5 ne domin yana son nuna cewa kaya sun fita ko an dawo da su, bai kuma ga inda zai faɗi haka ba. Idan aka ba shi wurin faɗa, adadi zai zauna sama da sifili koyaushe. Kayan da mai saye ya dawo da su sai a rubuta su a matsayin Shiga.

Kwanan wata ne ya fi ruɗi. Mutane da yawa kan yi jerin zaɓi uku, na rana, na wata da na shekara, suna ganin sun rufe ƙofa. Ba su rufe ba. Lamba 31 tana cikin jerin ranaku, Fabrairu tana cikin jerin watanni, babu abin da zai hana a haɗa su. Mafi muni, idan aka haɗa su da =DATE(2025,2,31), Excel ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ba da 3 ga Maris 2025, kuskuren ya ɓuya cikin kwanan wata mai kama da na gaskiya.

Gurbi ɗaya ya fi, a zaɓi Date a ƙarƙashin Allow, sannan between. A Start date da End date a saka waɗannan:

```
=DATE(2025,1,1)
=TODAY()
```

Dalilin da wannan yake aiki shi ne Excel tana ajiye kwanan wata a matsayin lamba, tana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 1900. Ranar 1 ga Janairu 2025 a wurinta 45658 ce. Idan akawu ya buga 31/02/2025, babu lambar da ta dace da wannan rana, sai manhajar ta ɗauke shi a matsayin rubutu zalla, dokar kuma ta ƙi shi. Iyakar ƙasa tana kama wanda ya buga 2005 a maimakon 2025, ta sama kuma tana hana rubuta cinikin da ba a yi ba tukuna. Sai dai TODAY() da agogon kwamfuta take aiki, saboda haka tsohuwar na'urar da agogonta ke komawa baya za ta riƙa ƙin ranar yau. A fara duba agogo kafin a zargi doka.

Akwai kuskure ɗaya da wannan doka ba ta gani. Lambobin 03/04/2025 suna nufin 3 ga Afrilu a kwamfutar da aka saita da tsarin Birtaniya, amma 4 ga Maris ne a wadda ke kan tsarin Amurka, kuma duka ranakun biyu na gaskiya ne. A gyara saitin yanki na kwamfutar, sannan a sa jerin A ya riƙa nuna kwanan wata da tsarin dd-mmm-yyyy, yadda sunan watan zai fito da haruffa, akawu ya gani nan take.

A jerin D, mafi sauƙi shi ne Whole number, tsakanin 1 da wata iyaka da ta dace da kantin, misali 500, domin ta kama wanda ya ƙara sifili bisa kuskure. Kayan awo kamar man girki sai Decimal. To amma akwai wani ragin da ya fi cutarwa: fitar da abin da babu. A ce buhu 120 na shinkafa suka shiga, 95 suka fita, saura 25. Akawu ya rubuta Fita 30. Lamba 30 ba ta da aibi a karan kanta, amma sito ya koma -5. Gurbi ɗaya doka ɗaya yake ɗauka, don haka sai a zaɓi Custom a haɗa sharuɗɗan wuri guda, daga D2 zuwa ƙasa:

```
=AND(COUNTA(B2:C2)=2,D2>0,D2=INT(D2),
SUMIFS(D:D,B:B,B2,C:C,"Shiga")>=SUMIFS(D:D,B:B,B2,C:C,"Fita"))
```

Ma'anarsa: sai an cike B da C tukuna, adadin ya fi sifili, ba shi da ɓurɓushi, kuma jimillar abin da ya shiga na wannan kaya ba ta gaza ta abin da ya fita ba. A misalinmu fita ta zama 125, shiga 120, sai a ƙi. A cire alamar Ignore blank domin gurbin da babu komai kada ya buɗe hanya. Masu aiki da Excel ta Faransanci, kamar a ofisoshin Nijar, sunayen za su sauya, misali AUJOURDHUI() a madadin TODAY(), kuma da alamar ; ake raba sassa.

Sai Error Alert. Nau'i uku ne, Stop, Warning da Information, kuma Stop kaɗai ke hanawa, sauran biyun suna barin mutum ya wuce. A rubuta saƙon da harshen da akawu yake ji, ya faɗi abin yi: "Adadin ya fi abin da ke sito. Duba ko an shigar da kayan da suka zo." Saƙon da ba a gane ba shi ke sa ma'aikaci ya nemi hanyar kewaye.

Hanyar kewayen kuwa tana nan. Dokar tana tantance abin da aka buga da hannu ne kawai. Wanda ya kwafo gurbi daga wata takarda ya manna zai wuce ba tare da tambaya ba, yana ma iya shafe dokar da ke wurin. Ba ta komawa kan tsofaffin bayanai, haka nan idan aka sauya Shiga zuwa Fita bayan an rubuta adadi, D ba zai sake tantancewa ba. Saboda haka mai sito ya ware lokaci duk mako ya danna Circle Invalid Data, wadda ke zagaye duk gurbin da ya saɓa doka da jan layi, ya kuma kafa wa ma'aikatansa ƙa'ida cewa ba a manna komai a wannan takarda. Kafin ka miƙa ta ga akawu, ka gwada da kanka: buga 31/02/2025, buga ranar gobe, buga -5, buga abin da ya fi na sito. Idan ko ɗaya ya shiga, takardar ba ta gama shiryuwa ba.